Kafin Alƙalamin Haraji: Yadda Mai Aikin Kansa Ke Biya a Birtaniya, da Yadda Ake Ware Kuɗin

Ma'aikacin albashi ba ya ganin harajinsa da ido. Kafin kuɗin wata ya shiga asusunsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya riga ya cire rabon gwamnati ya aika mata. Mai cin gashin kansa kuwa, kamar mai fassara ko mai ɗaukar hoto ko direban tasi ko ɗan jaridar da ake biya bisa kowane rahoto, kuɗinsa kan zo masa cif, ba a taɓa ko kwabo ba. Harajin yana cikin kuɗin, sai dai babu wanda ya raba masa su. Gwamnatoci ba sa son jiran shekara guda ko fiye kafin su karɓi nasu, don haka ƙasashe da dama suka tsara cewa irin wannan mutum ya riƙa biyan wani abu tun kafin a kammala lissafin shekararsa. Amurka na karɓa sau huɗu a shekara, Indiya ma haka. Birtaniya na karɓa sau biyu, kuma tsarinta ya fi sauƙin bi da alƙalami, ga shi kuma ya shafi Hausawa da yawa da ke zaune can suna sana'ar kansu.

Shekarar haraji a Birtaniya tana farawa ranar 6 ga Afrilu, ta ƙare ranar 5 ga Afrilun shekara mai zuwa. Wanda ya fara aikin kansa, kuma abin da ya samu a shekarar ya haura fam 1,000, dole ne ya yi rajista da hukumar haraji ta HMRC kafin 5 ga Oktoban da ke bin ƙarshen shekarar. Daga nan sai ya cike takardar bayyana kuɗin shigarsa ta intanet, ya kuma biya abin da ake bin sa, duka biyun kafin ƙarshen ranar 31 ga Janairu. Wato wanda ya fara aiki a Afrilun 2024 ba za a nemi ko sisi daga gare shi ba sai Janairun 2026, bayan kusan wata 22. Wannan dogon shiru shi ne tushen yawancin matsalar, domin mutum kan saba da kashe duk abin da ya shigo hannunsa.

A shafin hukumar, biyan kafin alƙalamin yana fitowa da sunan “payments on account”. Ƙa'idarsa gajera ce. Hukumar tana ɗauka cewa harajin bana zai yi daidai da na bara, sai ta raba na baran gida biyu: rabi a biya ranar 31 ga Janairu, rabi ranar 31 ga Yuli. Idan aka kammala lissafin shekarar aka ga harajin gaskiya ya fi abin da aka biya, sai a cika ragowar a Janairu mai zuwa. Idan bai kai ba, a mayar wa mutum rarar. Mutum biyu ne wannan bai hau kansu ba: wanda harajinsa na bara bai kai fam 1,000 ba, da wanda an riga an cire masa fiye da kashi 80 cikin ɗari na harajinsa tun daga tushe, misali mai albashi da ke ɗan taɓa wani aiki a gefe.

Abin da ake lissafa wa haraji shi ne riba, wato abin da ya shigo bayan an cire kuɗin da aka kashe don aikin, kamar na'ura da kuɗin intanet da sufuri da ladan akanta. A Ingila da Wales da Ireland ta Arewa, fam 12,570 na farko babu haraji a kansu. Daga nan zuwa fam 50,270 ana biyan kashi 20 cikin ɗari na harajin kuɗin shiga, da kuma kashi 6 na inshorar ƙasa, adadin da ya fara aiki a Afrilun 2024. Idan aka haɗa su, kashi 26 ke nan a kan kowane fam da ke tsakanin iyakokin biyu. Abin da ya haura fam 50,270 kuma ana cire masa kashi 40 na haraji da kashi 2 na inshora. Scotland tana da nata matakan na harajin kuɗin shiga, don haka lissafin da ke tafe bai dace da mazauna can ba sai an gyara shi.

Shekara uku a littafin wani mai fassara

A ɗauki wani mai fassara a Ingila wanda ya bar aikin albashi ya fara karɓar aiki da kansa a Afrilun 2024, kuma ba shi da wata hanyar samun kuɗi. A shekararsa ta farko ya ci ribar fam 30,000. Idan aka cire fam 12,570, saura fam 17,430. Harajin kuɗin shiga a kansu fam 3,486 ne, inshorar ƙasa fam 1,045.80, jimla fam 4,531.80. Wannan ne adadin da yake zaton zai biya a Janairun 2026. Amma abin da zai gani a shafinsa fam 6,797.70 ne, domin an ɗora masa rabin wancan adadin, fam 2,265.90, a matsayin kafin alƙalamin shekara ta biyu. A ƙarshen Yuli kuma a sake neman wasu fam 2,265.90. Cikin wata shida ya fitar da fam 9,063.60, ninki biyu na abin da ya sa rai.

Sabon shiga yakan ɗauka cewa an yi kuskure ko an caje shi sau biyu. Babu kuskure a ciki, kuma ba ƙarin haraji ba ne. Harajin shekara biyu ne suka haɗu a ƙofa ɗaya. Akwai ma wani abu da sunan tsarin ke ɓoyewa: ba a gaba ake biyan kuɗin ba. Kason farko na shekara ta biyu yana faɗowa ne ranar 31 ga Janairu, lokacin da shekarar ta riga ta ci kusan wata goma, na biyun kuma kusan wata huɗu bayan ta ƙare. Kuɗin da ake karɓar harajinsa ya daɗe da shiga hannun mai fassarar. Idan aka kwatanta da ma'aikacin albashi, wanda ake cire masa kowane wata, jinkiri aka yi masa.

Shekara ta biyu ta yi kyau, ribarsa ta kai fam 42,000. Harajinta duka fam 7,651.80 ne, amma kafin alƙalamin da ya biya an gina shi ne kan shekarar da ta gabata, fam 4,531.80 kacal. Saura cikon fam 3,120, wanda za a nema a Janairun 2027. A rana ɗaya kuma za a nemi kason farko na shekara ta uku, rabin sabon adadin, fam 3,825.90. Jimla fam 6,945.90.

Sai shekara ta uku ta zo da ƙarancin aiki, wani babban kamfanin da ke ba shi fassara ya daina, ribarsa ta faɗi zuwa fam 20,000. Idan ƙa'idojin suna nan yadda suke, harajin wannan shekarar fam 1,931.80 ne kawai. Amma hukumar ba ta san da faɗuwar ba, bara take kallo. Za ta nemi fam 7,651.80 a kaso biyu, abin da ya fi harajin gaskiya da fam 5,720. A nan ne tsarin ya fi cutar da mai kuɗin shiga marar tabbas: biyan da ya fi nauyi yana faɗowa ne a shekarar da aljihu ya fi bushewa, domin kullum shekarar wadata ce ke aiko da takardarta a makare.

Neman a rage

Doka ta ba da mafita. Wanda ya tabbata cewa harajinsa na bana ba zai kai na bara ba yana iya neman a rage masa kafin alƙalamin, ta asusunsa na intanet ko ta cike fom mai lamba SA303. Ba a neman hujja a lokacin, shi ne zai faɗi adadin da yake ƙiyasi. A Janairun 2027 mai fassarar ya riga ya ga wata goma na shekarar, don haka ƙiyasinsa ba shaci-faɗi ba ne. Idan ya rage kowane kaso zuwa fam 965.90, biyan Janairu zai sauko daga fam 6,945.90 zuwa fam 4,085.90, na Yuli kuma daga fam 3,825.90 zuwa fam 965.90. Cikon fam 3,120 na shekarar da ta wuce kuwa babu mai taɓa shi, domin bashi ne da ya tabbata.

Haɗarin yana wajen zaƙewa. A ce ya rage kowane kaso zuwa fam 500 don ya samu sarari, alhali na gaskiya fam 965.90 ne. Idan lissafi ya fito, hukumar za ta ɗora kuɗin ruwa kan giɓin fam 465.90 na kowane kaso, tun daga ranar da ya kamata a biya shi. Tun Afrilun 2025 kuɗin ruwan jinkiri ya koma adadin da Babban Bankin Ingila ya tsayar, a ƙara masa kashi 4 cikin ɗari. Wanda kuma aka gano ya rage da gangan ko da sakaci yana iya fuskantar tara. Ga Musulmin da ke ƙyamar mu'amala da kuɗin ruwa, wannan kaɗai ya isa dalilin yin ƙiyasi da ɗan rara.

Akwai hanya mafi sauƙi ta gyara kason Yuli. Ana iya cike takardar haraji tun daga 6 ga Afrilu, kuma cikewa da wuri ba ta matso da ranar biya. Wanda ya cike a Mayu ya san ainihin harajinsa wata takwas kafin wa'adi, kuma idan adadin ya gaza na bara, kason Yuli zai ragu da kansa ba tare da wani ƙiyasi ba. Mutane da yawa suna barin cikewar sai makon ƙarshe na Janairu, sai su ga adadin da wa'adin biyansa a mako ɗaya.

Nawa za a ware

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce kashi nawa za a cire daga kowane kuɗin da ya shigo. Akwai lambobi biyu da ake yawan cakuɗawa. Ɗaya ita ce abin da haraji ke ci daga ribar shekara gaba ɗaya: ga mai fassarar, kusan kashi 15 cikin ɗari a shekarar fam 30,000, kashi 18 a shekarar fam 42,000. Ɗayar ita ce abin da ake cira daga kowane ƙarin fam, wato kashi 26. Wanda ya ware kashi 15 saboda haka ya biya bara, zai samu giɓi duk shekarar da aiki ya ƙaru.

Lissafi ya nuna cewa kashi 20 cikin ɗari na riba ya isa duk wanda ribarsa ba ta wuce fam 50,270 ba, muddin ba shi da wani kuɗin shiga. A daidai wannan iyaka harajin fam 9,802 ne, kashi 19.5 ke nan. Da zarar jimlar ribar shekara ta ƙetare ta, sai a koma ware kashi 42 na duk abin da ya ƙaru, domin mai ribar fam 70,000 zai biya fam 18,088.60, fiye da rubu'in abin da ya samu. Wanda ke da aikin albashi kuma yana aikin kansa a gefe, lissafinsa dabam ne. Albashin ya riga ya cinye fam 12,570 ɗin da ba a cajin haraji a kansu, don haka tun daga fam na farko na ribar gefe ana bin sa kashi 20, ko 40 idan albashin babba ne. Mai bashin karatun jami'a ma sai ya ƙara wani abu, domin ba a sa biyan wannan bashi cikin kafin alƙalami, gaba ɗayansa yake zuwa tare da cikon Janairu.

Idan mai fassarar ya bi kashi 20 tun ranar farko, shekara ta farko za ta tara masa fam 6,000. Wannan kaɗai bai kai fam 6,797.70 na Janairun 2026 ba, kuma a nan wasu ke cewa dabarar ba ta aiki. Sun manta cewa kafin Janairun ya zo, ya riga ya yi wata goma yana ware kashi 20 na shekara ta biyu, kusan fam 7,000. Asusun yana da wajen fam 13,000 a ranar da ake neman ƙasa da 7,000. Ragowar ba rara ba ce da za a taɓa, ita ce za ta biya kason Yuli da cikon fam 3,120 na baɗi. A ƙarshen shekara biyun ya ware fam 14,400, harajinsu kuma fam 12,183.60, rarar gaskiya ke nan fam 2,216.40. Wanda bai farga ba sai Nuwamban 2025 kuwa, sai ya nemo kusan fam 2,266 kowane wata har wata uku, daga kuɗin shigar da matsakaicinsa fam 3,500 ne.

Yadda ake warewar ya kai adadin muhimmanci. Mai kuɗin shiga marar tabbas ba zai iya cewa zai ajiye fam 500 kowane wata ba, domin akwai watan da fam 5,200 za su shigo, na gaba fam 400, na bayansa babu komai. Abin da ke aiki shi ne a ɗaura warewar da shigowar kuɗi: ranar da aka biya shi fam 5,200, a ranar fam 1,040 za su koma wani asusu dabam, ranar fam 400 kuma fam 80. Cire kason daga kuɗin da ya shigo gaba ɗaya, kafin a rage abin da aka kashe don aiki, ya fi sauƙi, kuma yana barin ɗan rara. Wannan ya dace da yadda ake lissafi yanzu, domin tun Afrilun 2024 tsarin da hukumar ke ɗora masu aikin kansu a kai, sai idan sun zaɓi wani, shi ne a ƙirga kuɗi a ranar da ya shigo, ba ranar da aka aika takardar neman biya ba.

Asusun harajin ya kamata ya zama wanda ba shi da katin cirar kuɗi a aljihu, amma ana iya fitar da abin da ke cikinsa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ajiyar da ake kullewa na shekara ba ta dace ba sai an tabbata za ta buɗe kafin wa'adi. Hannun jari da kuɗin kirifto ba su dace ba ko kaɗan, domin darajarsu na iya faɗuwa a Janairu. Adashi ma haka: ranar kwasa ba lallai ta zo kafin ranar biya ba, kuma idan wani ya gaza zubi, hukumar haraji ba ta karɓar wannan uzuri. Wanda ba ya son ajiya mai kuɗin ruwa yana da bankunan Musulunci a Birtaniya, irin su Al Rayan. Wanda kuma ya san ba ya iya ganin kuɗi ya ƙyale, yana iya shirya wa hukumar ta riƙa cirar wani adadi daga asusunsa kowane mako ko kowane wata, ƙarƙashin abin da take kira “Budget Payment Plan”, idan babu tsohon bashi a kansa. Illar wannan ita ce kuɗin da ya tafi ba ya dawowa da sauƙi idan lalura ta taso.

Abin da ke rusa asusun haraji galibi watan da babu aiki ne. Kuɗin haya ya zo, ko an kira daga gida ana neman na asibiti ko na makaranta ko na Sallah, ga kuma dubban fam a zaune. Sai mutum ya ara da niyyar mayarwa. Maganin shi ne asusu na uku. Duk abin da ya rage bayan an cire na haraji ya zauna a asusun aiki, daga nan mutum ya riƙa biyan kansa albashi tsayayye kowane wata, wanda aka auna da watannin da suka fi rauni. Rarar watan wadata ita ke ciyar da watan fari, kamar yadda manomi ke ɗibar hatsi a rumbu da mudu ɗaya ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, ba ya kuma taɓa irin shuka. Ana gane an fara zamewa ta hanyar gwaji mai sauƙi da ake yi duk bayan wata uku: a haɗa ribar shekara zuwa yanzu, a cire fam 12,570, a ɗauki kashi 26 na ragowar, a ƙara duk abin da ake bin mutum na bara wanda bai biya ba, sannan a cire kason bana da ya riga ya biya. Idan abin da ke asusun bai kai wannan ba, akwai giɓi, kuma girmansa ya bayyana tun da sauran lokaci.

Idan wa'adi ya zo kuɗi bai cika ba

Kuskuren da ya fi tsada shi ne ƙin cike takardar saboda babu kuɗin biya. Laifi biyu ne dabam-dabam. Jinkirin cikewa yana jawo tarar fam 100 nan take, ko da babu harajin da ake bin mutum, kuma tana ƙaruwa bayan wata uku. Jinkirin biyan kafin alƙalami kuɗin ruwa kawai yake jawowa. Jinkirin biyan cikon Janairu kuwa, a tsarin da aka saba, yana jawo kuɗin ruwa da tarar kashi 5 cikin ɗari na abin da ya rage bayan kwana 30, da wata irinta bayan wata shida, da ta uku bayan shekara. Wanda ya cike takardarsa kuma bashinsa bai wuce fam 30,000 ba yana iya shirya biya kaɗan-kaɗan ta intanet. Kuɗin ruwa zai ci gaba da hawa, amma idan an ƙulla yarjejeniyar kafin kwana 30 ɗin su cika kuma aka kiyaye ta, ba a ɗora tarar.

A Najeriya kafin alƙalamin yakan zo ta wata fuska. Kamfani ko ma'aikatar da ta ba mutum aikin kwangila ko na shawara tana cire wani kaso daga kuɗinsa ta aika wa hukumar haraji da sunansa, kuma ana rage wannan daga harajinsa na shekara idan yana riƙe da takardar shaidar cirewar. Don haka neman wannan takarda daga wanda ya biya shi yana cikin aikin. Wanda ke yi wa kamfanonin ƙetare aiki ta intanet kuwa babu mai cire masa komai. Ƙarƙashin dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, abin da ya haura kuma shi ne zai lissafa da kansa, ya bayyana wa hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune kafin ƙarshen Maris.